Yadda za ka riƙa cin kuɗin ritayarka ba tare da shekarun farko sun cinye uwar kuɗin ba

Kawuna ya ajiye aiki yana da shekara 63, ya tattaro ya dawo gida can wajen Ringim. Kuɗin sallamarsa da na wani fili da ya sayar a birni da aka haɗa sun kama naira miliyan 20. Ran da na je masa barka da dawowa muna zaune a zaure ya jawo wata takarda daga aljihun gaba ya miƙo min, wai wani ne ya yi masa lissafi, in ya zuba kuɗin a inda ake ba da kashi 16 cikin ɗari duk shekara zai riƙa samun miliyan 3 da dubu 200, uwar kuɗi na nan ba a taɓa ta ba. Ya ce "kai da ka yi boko duba min, ai ina ga na huta ko?" Na ce Kawu Allah ya ƙara lafiya, lissafin daidai ne a takarda, amma a bari mu sake shi da farashin buhun gero a gefe. Abin da muka yi a zauren nan shi zan jero, don na san akwai irin su Kawu da yawa, ga kuɗi a hannu karo ɗaya a rayuwa, kuma ba wani albashi da zai ƙara shigowa.

Kafin komai sai ka gane wannan, in ba haka ba sauran duk ba zai zauna maka ba

Mai jari da ba ya cire komai, babu ruwansa da wace shekara ce ta fara zuwa, ta riba ko ta faɗuwa. Mai cirewa duk shekara kuwa jerin shekarun shi ne komai. Ka ɗauki makiyayi mai shanu 20 da dole duk shekara ya sayar don ciyar da gida. In shekarar farko fari aka yi, dabbobi sun rame, kasuwar Maigatari ta cika da masu neman kai da nasu, kuɗin da saniya ɗaya za ta ba shi sai ya sayar da biyu ya same shi. Damina mai kyau za ta dawo, farashi zai tashi, amma waccan ta biyun da ya sayar ba za ta haihu a garkensa ba har abada. Maƙwabcinsa da farin bai same shi ba sai a shekara ta biyar, kafin nan garke ya hayayyafa, farin ya zo ya tarar da shi da ƙarfi.

Bari mu sa shi a lambobi. Shekara biyar ne, kuma ka ɗauka an riga an cire hauhawar farashi daga ciki: shekara ɗaya jari ya faɗi da kashi 30, wata ya faɗi da kashi 10, sai ya tashi da 10, ya tashi da 25, ya tashi da 40. In ka zuba miliyan 20 ka kau da kai, ko ta ina ka fara jera shekarun nan a ƙarshe za ka tarar da miliyan 24 da dubu 255, gwada da kalkuletar wayarka ka gani.

To yanzu a ce mutum biyu ne, kowanne yana cire miliyan 2 a farkon kowace shekara. Na farko faɗuwar ce ta tare shi a ƙofa. Ya cire 2 saura 18, kashi 30 ya tafi saura 12.6. Ya cire 2, kashi 10 ya tafi, saura 9.54. Kaga kafin shekarun alherin su iso fiye da rabi ya tafi, don haka ko da kashi 40 ɗin nan ya zo a ƙarshe, a kan miliyan 5.87 kawai ya sauka, ya gama da miliyan 8.2. Na biyu shi kashi 40 ɗin ya fara samu a kan miliyan 18, ya haye 25.2, ya ci gaba har ya kusa 30, faɗuwar ta zo masa daga baya, ya gama da miliyan 16. Kuɗi ɗaya suka fara da shi, abu ɗaya suka ci, shekaru iri ɗaya suka gani, amma ɗaya yana da kusan ninkin na ɗaya. Ba wanda ya fi wani wayo a cikinsu, ranar da kowa ya ajiye aiki ce kawai ta bambanta.

Sai ka sake lissafin da cire dubu 800 maimakon miliyan 2. Wanda faɗuwa ta fara samu ya gama da miliyan 17.8, ɗayan da wajen 21. Tazarar ta matse sosai. Jerin shekaru ba a hannunka yake ba, amma yawan abin da kake yankowa a hannunka yake, kuma shi ne yake sa faɗuwar ta zama kurji ko ta zama karaya.

Kuma kar wani ya ce ai wannan tatsuniya ce. Bayan haɗe bankuna na 2005 mutane da yawa a ƙasar nan sun zuba kuɗin sallamarsu a hannun jarin bankuna. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, shekara guda bayan nan ya dawo wajen 20,000, kuma bai sake taka wancan matsayin ba sai 2023, shekara 15 kenan, a naira ma wadda ita kanta ta zube a tsakani. Wanda ya yi ritaya a farkon 2008 da kuɗinsa duka a ciki, yana sayarwa yana cin abinci, bai ga farfaɗowar ba, don abin da zai farfaɗo ya riga ya shiga tukunya.

Matakin farko: nemo giɓinka, ba kuɗin cefanen gidanka duka ba

Ka sami littafi ka rubuta abin da gida ke ci a wata, da gaske, har da sabulu da kuɗin cajin waya da maganin hawan jini. Sai ka cire abin da ke shigowa ba daga jarin ba: fansho, hatsin gona, hayar shago in akwai. Abin da ya rage shi ne giɓi, shi kaɗai jarin zai cike.

Na Kawu, gida na cin wajen dubu 110 a wata bayan hatsin da gona ke bayarwa, fansho na kawo dubu 70, giɓi dubu 40 kenan, a shekara dubu 480. Wannan shi muka kira na dole. Sai muka buɗe shafi na biyu, na abin da in an matsu za a iya ragewa: ragon layya, ɗinkin sallah, gudummawar biki da suna, ɗan abin da ake miƙa wa 'yan'uwa. Nan aka ɗan yi ja-in-ja, don a wajen Kawu duk waɗannan na dole ne, "ɗana kana so a ce na dawo gari da kuɗi ƙanwata ta aurar da 'ya ban kai komai ba?" Gaskiyarsa ne, ba cewa aka yi a daina ba, cewa aka yi a san nawa ne. Muka tsaya a kan dubu 120. Jimla dubu 600 a shekara. Raba shafin nan biyu kar ka raina shi, a gaba za ka ga nan ne wurin da za a riƙa sassautawa in shekara ta yi tsanani.

Na biyu: ka daina kallon ribar takarda

A nan takardar Kawu ta faɗi. Sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 kashi 16.47 ya riƙa biya a shekara, don haka kashi 16 ba ƙarya ba ne, ana samu. Amma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A ƙarshen 2020 kuma takardun bashin gwamnati na gajeren zango ƙasa da kashi 1 suke biya alhali kaya na tashi da wajen kashi 15. Ribar gaskiya ita ce abin da ya rage bayan kasuwa ta ci nata, ga yadda ake fitar da ita:

```
(1 + 0.16) / (1 + 0.25) - 1 = -0.072
```

Wato in an ba ka 16, kaya sun tashi da 25, ka yi asarar kashi 7 da ɗoriya ko da ba ka taɓa ko kwabo ba. In kuma ka cinye ribar duka kamar yadda takardar Kawu ta ce, miliyan 20 ɗinka tana nan a rubuce, alat na shigowa kan kari, ranka fes, amma shekara uku na hauhawar kashi 25 sun isa su mai da ita tana sayen kusan rabin abin da take saya da. Ribar ma haka, miliyan 3.2 ɗin ta koma rabin buhunan da take kawowa. Wannan ma jerin shekaru ne, sai dai shi ba ya ihu. Wanda ya ajiye aiki a farkon 2023, aka cire tallafin mai a Mayu, aka saki naira a Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo, shi ne mutumin da farin ya tare a ƙofa, ko da bai taɓa sayen hannun jari ba.

Don haka ƙa'idar ita ce, ribar da ta shigo ba taka ba ce duka. Kaso mafi yawa na jarin ne, abincinsa ne, a mayar masa.

Na uku: zaɓi kason farawa

Za ka ji ana cewa kashi 4 shi ne lafiya. Asalin maganar daga Amurka ne. Wani mai ba da shawarar kuɗi, William Bengen, a 1994 ya ɗauko tarihin kasuwarsu tun daga 1926, ya ce a ce mutum ya yi ritaya a kowace shekara, rabin kuɗinsa ko fiye a hannun jari sauran a takardun bashin gwamnati, nawa zai cire a shekarar farko, ya riƙa ƙara hauhawar farashi a kai duk shekara, kuɗin ya kai shi shekara 30 ko da ya faɗo a mafi munin lokaci? Ya samu kashi 4 da 'yan kai. A 1998 wasu malamai uku na jami'ar Trinity a Texas suka yi makamancin binciken suka samu kusan haka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda suka fi shan wuya a lissafin ba 'yan 1929 ba ne da kasuwa ta rushe, 'yan tsakiyar shekarun 1960 ne, waɗanda hauhawar farashin shekarun 1970 ta haɗu musu da faɗuwar kasuwa ta 1973 da 1974. Hauhawa ta fi rushewa illa, mu kuwa ita ce ciwonmu.

Mutane biyu cikin uku da na ji suna faɗin wannan kashi 4 ba su fahimce shi ba. Ba kashi 4 na abin da ke asusu duk shekara ba ne. Kashi 4 na ranar farko ne, a miliyan 20 dubu 800 kenan, daga nan sai adadin ya riƙa bin farashin kaya. Sannan ba alkawari ba ne cewa uwar kuɗi za ta rage wa magada, cewa aka yi kawai ba za ta ƙare kafin shekara 30 ba, ko naira ɗaya ta rage an ci jarabawa. Kuma tarihin Amurka ne, ƙasar da kasuwarta ta fi ta kusan kowa sa'a a ƙarnin da ya wuce. Wani mai bincike, Wade Pfau, a 2010 ya gwada lissafin a kan wasu ƙasashe masu arziki, a da yawansu kashi 4 bai tsira ba. In bai tsira a can ba, ni dai ba zan ɗora wa naira shi ba.

Ni a ganina, kuma ra'ayina ne ba sakamakon bincike ba, mai shekara 60 da 'yan kai a nan ya fara daga kashi 3, kuma da shirin sassautawa. Dubu 600 ɗin Kawu a kan miliyan 20 kashi 3 ne cif. Shekarun da za ka ƙirga ma ba naka kaɗai ba ne. Amaryar Kawu shekararta 45, autansu yana firamare, rai a hannun Allah yake amma lissafi dole ya kai inda masu cin tuwon za su kai. Dattijo mai shekara 75 da 'ya'ya duk sun kama gabansu zai iya cin fiye da haka hankali kwance.

Sai zakka, wadda babu ita a lissafin Bengen sam, kamar yadda babu kuɗin da masu kula da asusu ke yanka. Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara ana fitar da ɗaya cikin arba'in, kashi 2.5, a miliyan 20 dubu 500 kenan, ya kusa abin da gidan ke ci daga jarin. Haƙƙi ne, za a fitar, amma a rubuta shi a littafin, kar ka ce kana cin kashi 3 alhali abin da ke fita ya haura 5. Yadda ake fitar da ta sukuk da ta hannun jarin da aka ajiye don dogon zango akwai bayanin malamai a kai, ka kai wa malaminka takardun ya duba. Sauƙinta ɗaya, ita tana bin girman dukiyar ne, in jari ya ragu ta ragu, in ya sauka ƙasa da nisabi ta tsaya. Wannan na daga dalilan da suka sa ban yarda Kawu ya fara da 4 ba.

In ka yi lissafinka ka ga giɓinka ya kai kashi 8 ko 10 na jarin, babu wani asusu da zai gyara wannan, kuma a daidai nan ne masu cewa kawo mu juya maka kashi 10 duk wata suke samun mutane. Gyaran a ɓangaren gida yake, ko a rage ko a nemo wata 'yar hanyar shiga, kiwo ko noman rani ko awo a ƙofar gida. Dubu 20 a wata daga sana'a daidai take da jarin miliyan 8 a kan kashi 3, ka lissafa ka gani.

Na huɗu: raba kuɗin yadda ba za a tilasta maka sayarwa a mummunar kasuwa ba

Na Kawu gida uku muka yi. Miliyan 2 a kusa, inda za a iya ciro su cikin kwana biyu ko uku, irin asusun zuba jari na gajeren zango, akwai marasa kuɗin ruwa ga mai so. Wannan cin shekara biyu ne da ɗan abin asibiti. Kar ya wuce haka da yawa, don kuɗin da ke zaune shi hauhawa ta fi ci. Mu nan karkara ma muna da wata dabara da mutanen birni ba su da ita, rumbu. Hatsin shekara da aka saya da kaka aka adana da kyau shi ma ajiya ce, kuma ita farashi ba ya cin ta don cinye ta za a yi. Na ci nake nufi, ba na kasuwa ba, waɗanda suka tara don riba sun ga yadda farashin hatsi ya sauko a 2025.

Miliyan 8 a sukuk da makamantansu, amma ba duka a takarda ɗaya ba, wasu su nuna bayan shekara biyu ko uku, wasu bayan biyar ko bakwai, saboda duk sanda ɗaya ta nuna ka sake zubawa a farashin wannan lokacin. In ka ɗaure duka a shekara goma kan kashi ɗaya tsayayye, hauhawa ta zo ta wuce shi, ka zauna kana kallo.

Sauran miliyan 10 su ne na nesa, masu iya tsere wa farashi: bakwai a asusun hannun jari mai kamfanoni da yawa a ciki, ba kamfani ɗaya da wani ya yaba maka ba, uku a abin da ba naira ba, dala ko zinare. Duk inda za ka kai, ka tabbatar yana da rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ka duba sunan da kanka a jerinsu.

Kawu ya tambaya me zai hana a sayi gona da shanu kawai a huta. Ba laifi, gona na riƙe daraja, amma ba a yanko kunya biyu a sayar ran da aka kwantar da mutum a asibiti, kuma in ka matsu da sayarwa dillalai sun fi ka sani. Shanu kuma ga ciwo ga ɓarayi. Su zama wani ɓangare, kar su zama duka.

Gaskiya raba gida ukun nan ba ya ƙara riba da kansa. Amfaninsa, ran da ka ji a rediyo kasuwa ta faɗi, ka san tuwon shekara biyu na gefe, hannunka ba zai yi rawa ka kira a sayar maka da komai a ƙasan rami ba. Cika shi kuma da tsari ne: shekarar da hannun jari ya tashi, a yanko daga can a cika na kusa. Shekarar da ya faɗi, kar a taɓa shi, a ci daga na kusa da ribar sukuk.

Na biyar, wanda shi ne aikin duk shekara

Ka tsai da rana ɗaya a shekara, mu mun zaɓi bayan kaka lokacin da aka san abin da gona ta bayar. Ran nan ka tara darajar komai a yau, ba abin da ka saya ba. Ka ɗauki abin da ka ci bara ka ƙara masa tashin farashi, kuma na gidanka ya fi na rediyo amfani, littafin cefanenka zai gaya maka. Sai ka raba wannan da jimlar jarin.

Akwai wata dabara da wasu masana biyu na Amurka, Jonathan Guyton da William Klinger, suka fitar a 2006, ita muka ara muka sauƙaƙa. Ka yi wa kasonka shinge biyu, ɗaya sama da kashi 20 na kason farawa, ɗaya ƙasa da haka. Mai farawa da 3 shingensa 3.6 ne da 2.4. In ka haura na sama ka rage cin shekarar da kashi 10. In ka sauka ƙasa da na ƙasa ka ƙara wa kanka kashi 10, don ba a tara kuɗi don a mutu da yunwa a gefensu ba. Sannan shekarar da jari ya yi asara kuma kasonka ya riga ya wuce na farawa, ka haƙura da ƙarin hauhawar na wannan shekarar.

A ce shekara ta zagayo, kaya sun tashi da kashi 25, dubu 600 ta zama 750. Jari bayan ci da zakka da riba ya tsaya miliyan 21.5. In ka raba, kashi 3.5 ne, yana cikin shinge amma ya jingina da shi, a ci gaba ido a buɗe. Shekara ta gaba kaya sun ƙara kashi 20, ana bukatar dubu 900, kasuwa kuma ta tsaya cik, jari bayan ci da zakka ya dawo wajen miliyan 20. Ka lura, a ido ba a yi asara ba, ai miliyan 20 aka fara da ita, Kawu da kansa zai ce alhamdulillahi uwar kuɗi na nan. Amma rabawar ta ba da kashi 4.5, an tsallake shinge da nisa. Rage kashi 10 ya kawo dubu 810, har yanzu kashi 4 ne da ɗigo, don haka baɗi ma sai an sake dubawa da niyyar ragewa. Dubu 90 ɗin da aka rage daga shafi na biyu za ta fito, bana a haɗa kuɗi da 'yan'uwa a yi layya da sa maimakon rago shi kaɗai, ɗinkin sallah na yara ne kawai. Maganin hawan jini da kuɗin makaranta ba a taɓa su.

Ragewar nan da wuri tana da ciwo amma ƙarama ce. Wanda ya ƙi ta a shekara ta uku zai yi wadda ta ninka ta a ta takwas, lokacin da ƙarfin komawa gona ya ƙare. Shekara biyar zuwa goma na farko su ne masu hatsarin, in ka fita daga cikinsu kasonka bai wuce inda ka fara ba, mafi yawan hatsarin ya wuce ka.

Alamomin da za ka gane abu ya fara lalacewa tun kafin ranar lissafi ba su da wuyar gani. Asusun kusa ya ƙare kafin lokacinsa ka fara taɓa na nesa ba a shirya ba. Kason ya haura shinge shekara biyu a jere. Ko ka raba jarin da farashin buhun gero na yau ka ga buhunan da zai saya suna raguwa da sauri duk da lambar nairar na ƙaruwa, wannan gwajin shi Kawu ya fi yarda da shi, duk bayan kaka sai ya aiki yaro ya jiyo farashi a kasuwar Gujungu ya rubuta a bangon littafin.

Saura abu ɗaya da ya fi faɗuwar kasuwa karya mutanenmu, manyan fitarwa na lokaci ɗaya a shekarun farko. Kuɗi na shigowa sai a tuna da rufin ɗaki, da kujerar Makka, da auren 'ya, da ɗan da ke son jarin babur. Cire miliyan 5 daga 20 a shekarar farko daidai yake da faɗuwar kashi 25, sai dai ita wannan ba ta farfaɗowa. In ka san za ka yi su, ka cire kuɗinsu tun kafin ka fara lissafin kaso, ka ce jarina miliyan 15 ne, kashi 3 ɗinsa dubu 450. Kawu yana da 'ya da za a aurar nan da shekara biyu, mun yi ta juya maganar har aka kira la'asar, daga ƙarshe ya ce kayan ɗakinta daga bijimai biyun da yake turke da su za su fito, ba daga miliyan 20 ɗin ba, muka rubuta haka a shafin ƙarshe ya sa hannu, ya ce in ajiye hoton shafin a wayata saboda ran da zai manta.